Yadda Ake Gyara Saƙon "Kuɗi Bai Shiga Ba"

A ce mutum ya zo sayen katin wuta na naira 5,000 a manhajarka, sai wannan ya fito masa:

```
Transaction failed. Error 91
```

Abin da ke ransa guda ne: an cire kuɗina ko ba a cire ba? Saƙon bai amsa ba, don haka zai sake dannawa, wataƙila a cire masa sau biyu, daga nan sai ruwan kira. Ga yadda za ka gyara shi.

Fara da gano ma'anar lambar, domin kowacce da maganinta. A harkar biya da kati, 51 na nufin kuɗin asusu bai isa ba, 54 kati ya ƙare aiki, 55 an yi kuskuren lambar sirri. Ita kuwa 91, bankin mai katin ne bai amsa ba. Kada saƙo ɗaya ya ɗauke su duka. Wanda katinsa ya ƙare aiki, ko ya kwana yana gwadawa ba zai shiga ba.

Sai ka sa maganar kuɗi a layin farko. Nan ne wuyar aikin. A 51 kana iya cewa kai tsaye ba a cire komai ba. A 91 ba ka da wannan tabbacin, domin wani lokaci banki kan cire kuɗin, amsarsa ta maƙale a hanya. Idan ka rubuta "ba a taɓa kuɗinku ba", sannan alat ya shigo wayarsa, ka zama maƙaryaci a idonsa, kuma ba zai ƙara yarda da saƙonka ba. Faɗi iya abin da ka sani.

Bayan haka, ba shi mataki ɗaya da lokaci takamaimai. "Nan ba da jimawa ba" ba lokaci ba ne. Ƙa'idar da Babban Bankin Najeriya ya fitar a 2020 ta ba bankuna awa 72 su mayar da kuɗin cinikin intanet ko na POS da ya samu tangarɗa. Ga sabon saƙon:

"Biyan naira 5,000 na katin wuta bai shiga ba, domin bankinku bai amsa ba. Ku duba asusunku kafin ku sake biya. Idan ba a cire ba, ku sake gwadawa ko ku sa wani katin. Idan an cire, banki zai mayar cikin awa 72. In lokacin ya wuce shiru, ku kai wa bankinku wannan lambar cinikin."

Sai lambar ta biyo a ƙasa, yadda zai iya kwafa. An yi amfani da "ku" saboda girmamawa, kuma ya dace da mace da namiji.

Kafin ka saki saƙon, karanta wa wanda bai san aikin ba, ka tambaye shi me zai yi yanzu. Idan ya ce zai sake biya nan take, ƙara fito da gargaɗin duba asusu fili.