Idan Aiki Ya Makara: Yadda Ake Ba Kwastoma Haƙuri da Yanke Masa Sabuwar Rana

Da yawanmu a makarantar nan muna da 'yar sana'ar da muke taɓawa bayan lacca. Wani ɗinki, wata kek da cincin, wani buga takardu da katin biki, wani gyaran waya. Duk mai karɓar aikin mutane kuwa, wata rana sai aiki ya makara a hannunsa. Abin da nake so mu duba shi ne abin da ake yi daga lokacin da ka gane ranar da ka yi alkawari ba za ta yiwu ba: yaushe za ka faɗa, me za ka ce, kuma ta yaya za ka fitar da sabuwar ranar da ba za ta sake tashi ba. Zan yi misali da ɗinki, domin a wani shagon ɗinki a Gyaɗi-Gyaɗi, wajejen Court Road, nake riƙe littafin oda da yamma.

Abu na farko shi ne lokaci. Ranar da ka gane aikin ba zai fito ba, ranar ya kamata mai kaya ya ji, ba ranar da ya biya kuɗin ɗan sahu ya zo karɓa ba. Mutumin da ya ji labari saura kwana biyu yana da zaɓi: zai iya jira, zai iya karɓar abin da aka gama, zai iya kwashe yadinsa ya kai wani wuri. Wanda ya ji a bakin shago an riga an ƙwace masa duk wannan zaɓin, shi ya sa faɗansa yake fin na kowa zafi. Wannan kuma ba maganar kirki kaɗai ba ce. Dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba kwastoma haƙƙin a gama masa aiki a kan lokaci, da kuma haƙƙin a sanar da shi da wuri idan an samu jinkirin da ba makawa. Wato shirun da mai sana'a yake yi, ko kashe waya, laifi ne na biyu a kan na farko.

Amma kafin ka ɗaga waya, zauna ka yi lissafi. Ban haƙurin da ba shi da rana ba ya kwantar wa kowa hankali, ranar da aka faɗa da ka kuma ita ce take sake tashi. Ga yadda abin ya kasance a wata oda.

Wani babban abokin ango daga Tarauni ya kawo shadda daga Kantin Kwari, ankon abokai, kaftani 20, riga da wando, kowace riga da aikin wuya. Ya ba da kuɗin kafin alƙalami, aka yi da shi zai karɓa ranar Talata, ɗaurin aure kuma Asabar ɗin da ke biye, ƙarfe 11 na safe. Ga wanda bai san ɗinki ba, riga mai aiki mataki huɗu take bi: a yanka, a kai gaban rigar wurin mai aikin wuya, a dawo da ita a haɗa, sannan maɓalli da guga. Ranar Lahadi da safe muka ƙirga. Guda 8 sun kammala. Sauran 12 an yanka, amma suna wurin mai aiki, kekensa ya lalace kwana uku, sai ranar aka gyara.

Maigidanmu bai tambayi mai aiki "yaushe za ka gama?" ba, domin amsar wannan tambayar kullum "gobe" ce. Sai ya tambaye shi guda nawa yake fitarwa a rana idan yana irin wannan zanen. Ya ce huɗu. To 12 a raba huɗu-huɗu, kwana uku ke nan: Litinin, Talata, Laraba. A shago teloli biyu ne a kan odar, kowanne yana haɗa riga da wando biyu a rana, su ma huɗu ke nan. Tunda sai abin da mai aiki ya gama yau za a haɗa gobe, haɗawa za ta ci Talata, Laraba da Alhamis. Maɓalli da guga su faɗa safiyar Juma'a, ranar da kowa ya san rabinta ake aiki saboda masallaci. Wannan lissafin kuma ya ɗauka wuta ba za ta ɗauke ba, janareta ba zai ba da matsala ba, babu wanda zai yi zazzaɓi. Idan aka ƙara kwana ɗaya na ko-ta-kwana, an faɗa Asabar, ranar ɗaurin auren kanta. Wannan ranar ba ta da amfani ga mai kaya.

Ka lura, a nan ne mutane da yawa suke zamewa. Sai su cire kwanan ko-ta-kwana don ranar ta yi daɗin ji. Abin da ya dace shi ne a canza tsarin aikin, ba a rage lissafin ba. Maigida ya yi abu biyu. Wando ba ya jiran mai aiki, don haka aka sa teloli suka ɗinke wanduna 12 tsakanin yammacin Lahadi da Litinin. Da wando ya fita daga lissafi, kowane tela zai iya haɗa riga uku a rana, shida ke nan su biyu. Sannan aka ɗebi riga huɗu aka kai wa wani mai aikin na biyu tare da samfurin wadda aka gama, don zane da kalar zare su zo iri ɗaya, shago ya biya ƙarin kuɗin. Yanzu ranar Talata da safe riga takwas za su dawo, a haɗa shida. Laraba huɗun ƙarshe su dawo, a haɗa su da biyun da suka rage. Alhamis da safe maɓalli da guga. Da a ce mai aiki kaɗai aka ƙara ba a taɓa ɓangaren haɗawa ba, da ranar ba ta motsa ba ko kaɗan, domin teloli huɗu-huɗu za su ci gaba da fitarwa. Kullum ka nemo matakin da ya fi jan ƙafa, shi ne yake yanke rana.

Lissafi ya nuna azahar ɗin Alhamis. Ranar da aka faɗa wa mai kaya ita ce Juma'a ƙarfe 10 na safe. Wannan tazarar ba ƙarya ba ce, kariya ce. A 1994 Roger Buehler da abokan aikinsa sun tambayi ɗaliban jami'a a Kanada kwana nawa ya rage su gama rubuta furojet ɗinsu. A matsakaici sun ce kusan kwana 34, amma sai da suka ci kusan 55, kuma waɗanda suka gama a ranar da suka faɗa ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. 'Yan ajin ƙarshe irina ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan. Mutum yana lissafi da ranar da komai ya tafi daidai, alhali irin wannan ranar ba ta cika zuwa ba. Maganinsa shi ne ka duba littafinka ka ga kwana nawa irin wannan aikin ya ci a baya, ka yi lissafi da wannan.

Sai maganar kanta. Aikin da ya shafi biki kira ake yi, ba saƙo ba, kuma mai shago ne yake kira, ba yaron shago ba. Bayan gaisuwa, abin da maigida ya ce bai wuce wannan ba:

"Alhaji, na kira ne a kan ankonku. Na yi maka alkawarin Talata, kuma ba zan iya cikawa ba. Laifin namu ne, ka yi haƙuri. Guda takwas suna nan a goge, yau ma za ka iya aikowa a karɓa. Sauran sha biyun keken mai aiki ne ya tsaya, an gyara, mun kuma raba aikin gida biyu. Ranar Juma'a ƙarfe goma na safe za mu kawo maka su har gida in sha Allah, kuɗin kaiwa namu ne. Akwai waɗanda za su yi tafiya ko suke nesa, mu fara da nasu?"

Duba tsarin. Ya faɗi alkawarin da aka karya da bakinsa, bai jira a tuna masa ba. Ya ɗauki laifin kafin ya kawo dalili, dalilin ma jimla ɗaya. Kwastoma bai ƙulla komai da mai aikin wuya ba, da shago ya ƙulla, don haka "wallahi mai aiki ne ya ɓata mana" ba ta wanke kowa. Wani bincike da Roy Lewicki na Jami'ar Jihar Ohio ya jagoranta a 2016 ya gano cewa a cikin sassan ban haƙuri, amsa laifi ne ya fi tasiri, sai tayin gyara ɓarnar, roƙon yafiya kuma shi ne na ƙarshe. A nan mu kan juya abin: "don Allah don Annabi ka yi haƙuri" sau goma, babu amsa laifi, babu rana. Sannan ya faɗi rana da ƙarfe. "In sha Allah" tana zuwa ne bayan rana, ba ta maye gurbinta. "Cikin satin nan" da "nan ba da jimawa ba" kuwa ba ranaku ba ne.

Tambayar ƙarshe ma ta yi aiki. Alhajin ya yi faɗa, maigida bai katse shi ba. Da ya huce sai ya ce abokai uku a Zariya suke, ranar Alhamis wani zai tafi musu da nasu. Ɗaya yana cikin takwas ɗin da aka gama, sai aka sa sauran biyun a gaban layi. Ba don an tambaya ba, da ranar Juma'ar ta cika amma mutum biyu sun rasa anko.

Bayan kiran, na tura masa saƙo a WhatsApp don kada a yi musu daga baya: "Salamu alaikum Alhaji. Kamar yadda kuka yi da maigida: 8 a shirye suke yau, na mutanen Zariya 2 ranar Laraba da magariba, sauran 10 ranar Juma'a ƙarfe 10 na safe a gida. Za mu sanar da kai inda aka kwana ranar Laraba." Ranar Laraba wuta ta ɗauke tun azahar, riga biyu suka kwana ba a haɗa ba. Na mutanen Zariya sun fita tunda da su aka fara, aka kuma faɗa masa gaskiyar inda aka tsaya. Tazarar da aka bari ta shanye jinkirin, kaya suka isa Tarauni ranar Alhamis bayan isha'i.

Akwai inda wannan hanya take tsayawa. Idan ka yi lissafi, ka sauya tsari, amma ranar gaskiya ta wuce ranar da mai kaya yake bukatar abinsa, to sabuwar rana ba ta da wani amfani. Abin da ya rage shi ne ka faɗa masa a ranar, ka miƙa abin da aka gama, ka mayar da sauran yadin da kuɗin aikin da ba a yi ba, in da hali ka haɗa shi da wanda zai iya. Haka kuma rangwame ba ya maye gurbin rana. Mai biki ba ragin dubu biyu yake nema ba, rigarsa yake nema kafin Asabar.

Sabuwar rana sau ɗaya ake ba da ita. Jinkirin farko kwastoma yakan ɗauke shi ƙaddara, na biyu kuwa sunansa hali. Saboda haka kafin ka furta ta, rubuta abin da ya rage, ka raba shi da abin da hannu yake fitarwa a rana, ka cire rabin Juma'a, ka ƙara kwana ɗaya, sannan ka ɗauki waya.