Lissafinta daidai ne, amma ba shi aka tambaya ba

A jarrabawar aikin jinya akwai faɗuwar da ta fi ba ni takaici, ita ce ta ɗalibin da ya san karatu amma ya amsa tambayar da ba a yi masa ba. Ina koyar da ilimin magunguna a wata makarantar koyon aikin jinya, kuma duk zango sai na ci karo da irin wannan. Labarin wata ɗalibata 'yar aji biyu zan bayar, domin abin da ya same ta ya fito da matsalar fili.

Yarinyar tana da ƙoƙari, ita ce ma take zaunar da ƙawayenta da dare tana koya musu lissafin magani. Muka yi gwajin tsakiyar zango, tambaya hamsin cikin awa ɗaya, kowace maki biyu, kuma sai da maki 50 ake hayewa. Ta samu 48. Washegari ta same ni a ofis da takardar da ta yi lissafi a kai, idonta ya yi ja.

"Malama, don Allah ki duba mini lamba ta talatin da ɗaya. Na sake lissafawa har sau uku, amsata nake samu."

Tambayar da Turanci take, kamar sauran jarrabawarmu, amma ga abin da ta ƙunsa. Yaro ne mai nauyin kilo 16, likita ya rubuta masa farasitamol miligiram 60 ga kowane kilo a yini, a raba gida huɗu. Sirof ɗin da ke hannu yana da miligiram 120 a cikin kowane mililita 5. Mililita nawa nas za ta ba shi a sha ɗaya? Zaɓin da aka jera su ne 5, 10, 20 da 40. Ita ta zaɓi 40.

Na karɓi takardarta na duba. Ta ninka 60 da 16 ta samu 960. Ta raba 960 da 120, ta ninka da 5, ta samu 40. Babu kuskure ko ɗaya a cikin lissafin. Sai na miƙa mata takardar tambayar na ce, "'Yata, karanta mini layin ƙarshe da ƙarfi, kada ki tsallake komai." Ta fara karantawa, da ta iso kan `per dose` sai muryarta ta tsaya. Ta koma sama ta ga `mg/kg/day`, ta ga inda aka ce a raba gida huɗu. Ta dafe kai ta ce, "Innalillahi, na yini duka na lissafa."

Ga yadda ya kamata a bi shi:

```
60 mg × 16 kg = 960 mg
960 mg ÷ 4 = 240 mg
240 ÷ 120 × 5 ml = 10 ml
```

Layin tsakiyar nan shi kaɗai ta tsallake, ba kuma don ba ta iya raba 960 gida huɗu ba. Da idonta ya sauka kan nauyin yaro da ƙarfin sirof, sai ta gane irin tambayar, hannunta ya kama aiki tun kafin ta kai ƙarshen jimlar. Da ta gama ta ɗaga kai, ga 40 zaune a cikin zaɓin, sai hankalinta ya kwanta.

Wannan kwanciyar hankalin nake so ɗalibai su daina yarda da ita. Mai tsara tambaya ba ya jefa lambobin ƙarya haka kawai. Yakan zauna ya yi tunanin kuskuren da ɗalibi zai iya yi, ya lissafa inda kuskuren zai kai shi, sannan ya ajiye masa wannan lambar. A tambayarmu, an ajiye 40 don wanda ya manta da rabawa, 20 don wanda ya raba biyu saboda ya saba da maganin safe da yamma, 5 kuma don wanda ya haddace cewa yaro cokali ɗaya ake ba shi. Saboda haka ganin amsarka a cikin zaɓin ba shaida ba ce cewa ka yi daidai, domin mai kuskure ma zai tarar da tasa tana jiransa.

Ta roƙe ni in ba ta rabin makin tunda hanyar lissafin daidai ce. Na ƙi, kuma na gaya mata dalili. Na ce ta ɗauka a ɗakin yara take, katin magani ne a hannunta. Mililita 40 kashi biyu ne cikin uku na ƙaramar kwalbar sirof mai mililita 60, a ɗura wa yaro ɗan wajen shekara huɗu a zama ɗaya. In aka maimaita haka sau huɗu, yaron ya sha miligiram 240 ga kowane kilo a yini, alhali daga wajen 150 ake fargabar lalacewar hanta. Abin tsoro da farasitamol shi ne ba ya nuna ɓarnarsa da wuri. A ranar farko yaron zai iya yin amai kawai, ko ma a ga kamar lafiyarsa ƙalau, sai bayan kwana biyu zuwa uku ciwon ciki ta gefen dama da shawara su bayyana, lokacin hanta ta riga ta taɓu. Akwai maganin da ke karya gubar, amma ya fi aiki in an fara shi cikin awa takwas na farko, wanda kuwa bai san ya yi kuskure ba ba zai nema ba. Katin magani ma tambaya ce da ake karantawa, kuma irin waɗannan ƙananan kalmomin ne a cikinsa.

Ba ta ƙara maganar maki ba. Abin da ta tambaya shi ne, "To Malama, yaya zan yi kada in sake?"

Muka fara da takardarta gaba ɗaya. Na sa ta ware tambayoyin da ta faɗi kashi biyu: waɗanda ko yanzu ba ta san amsarsu ba, da waɗanda da zarar ta sake karantawa a natse take ganin amsar da kanta. Kashi na farko maganinsa komawa littafi. Kashi na biyu kuwa ko ta kwana tana karatu ba zai ragu ba, sai ta canza yadda take karanta tambaya. Duk ɗalibin da ya faɗi gwaji ya kamata ya yi wannan rabon kafin ya ce kansa ne ba ya ja. Ita da ta yi, ta tarar ba lamba ta talatin da ɗaya kaɗai ce a kashi na biyu ba.

Abin da na koya mata ba shi da yawa. Ta rufe zaɓin da hannu ko da takarda, ta karanta jigon tambayar har ƙarshe, sannan ta faɗa wa kanta da Hausa abin da ake nema, a jimla ɗaya: "Ana son mililita na sha ɗaya." In ta kasa faɗa, to ba ta gama karantawa ba. A tambayar lissafi kuma, kafin ta rubuta ko lamba ɗaya, ta rubuta a ƙasan takarda ma'aunin da amsa za ta fito da shi, wato mililita a sha ɗaya, ko ɗigo a minti, ko miligiram a yini. In ta gama, ta tambayi kanta ko ta taɓa ganin an ba yaro wannan adadin. Da ta yi wannan tambayar kaɗai ran nan, da 40 ta tsayar da ita, don ta sha ba yara sirof a asibiti, ta san abin da sirinji ko cokalin awo ke ɗauka.

Ɗaya daga cikin sauran tambayoyin da ta faɗi ta nuna wata fuskar matsalar. Ana yi wa mara lafiya ƙarin jini, bayan mintoci kaɗan sai ya fara rawar sanyi, ga zazzaɓi da ciwon baya. Zaɓin su ne sanar da likita, auna hawan jini da bugun zuciya, tsayar da jinin, da mayar da jakar jinin ɗakin gwaji. Dukkansu daidai ne, duk za a yi su. Amma jigon ya ce `first`, wanne ne na farko. Ta zaɓi sanar da likita domin shi ta fara gani, kuma gaskiya ne. Na farko shi ne tsayar da jinin, saboda duk mintin da aka ɓata wajen neman likita jinin da jiki ya ƙi yana ci gaba da shiga. Daga nan a bar jijiya a buɗe da ruwan gishiri ta sabuwar igiya, sannan sauran su biyo baya. Irin wannan ne `except` da `not` suke yi, sai dai su juya tambayar suke yi gaba ɗaya, ya zama ƙaryar ake nema a cikin gaskiya uku.

A nan ina da magana da 'yan'uwana malamai. Ɗalibanmu da yawa da Hausa suke tunani, da Turanci suke jarrabawa, ga agogo yana tafiya. Adalci ne mu fito da kalmar korewa da manyan baƙaƙe, mu guji korewa biyu a jimla ɗaya. Sai dai ban yarda a cire `per dose` ko a sauƙaƙa shi ba, domin shi ne ainihin abin da ake gwadawa. Haddar tsofaffin tambayoyi ma tana da nata laifin: ɗalibi ya ga farkon tambaya ya yi kama da wadda ya haddace, sai ya danna tsohuwar amsa, alhali an canza kalma ɗaya. A jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda ake yi a kwamfuta, babu damar ja wa kalma layi da biro, don haka gara ɗalibi ya saba da wannan karatun tun yana aji.

Ɗalibata ta fara zarcewa ɗaya gefen. A gwajin da muka yi na sharar fage ta riƙa karanta kowace tambaya sau uku, tana zargin tarko a inda babu, tana ƙara wa mara lafiyar cikin tambaya cututtukan da ba a ambata ba, har lokaci ya ƙare mata da sauran tambayoyi. Na ce mata abin da aka rubuta shi kaɗai za ta yi aiki da shi, kuma kada ta canza amsa sai in ta iya nuna kalmar da ta tsallake da farko. Tambaya hamsin a awa ɗaya na nufin daƙiƙa 72 ga kowace, kuma karanta jigo sau ɗaya a natse ba ya cin rabin haka.

Ta sake gwajin ta haye da tazara mai kyau. Tambayoyin da ta faɗi a wannan karon duk na kashi na farko ne, yawancinsu kan magungunan hawan jini, kuma a kansu muka zauna a makon da ya biyo.