Amsoshin Tambayoyinku: Me Shugaban Sashe Zai Faɗa wa Sababbin Ɗalibai Kan Gaskiya a Karatu?

TAMBAYA: Ni malamin jami'a ne, kwanan nan aka ɗora mini shugabancin sashenmu. Mako mai zuwa za mu yi taron maraba da 'yan aji ɗaya, an ba ni minti goma, kuma shugaban tsangaya ya ce lallai in taɓo batun gaskiya a harkar karatu. Na sha halartar irin wannan taro, abin da nake ji bai wuce a guji satar amsa, duk wanda aka kama za a kore shi ba. Amma kowace shekara sai mun kama. Me ya kamata in faɗa wanda zai zauna musu? Daga wani malami, Katsina.

AMSA: Dakta, Allah ya taya riƙo.

Dalilin da ya sa gargaɗin nan ba ya aiki shi ne, yana magana a kan laifin da yaran suka riga suka sani. Babu ɗalibin da bai san shiga zauren jarrabawa da 'yar takarda a safa laifi ne ba. Inda suka fi faɗawa ba su sani ba shi ne jinga da rahoton ɗakin gwaji, domin da yawansu sun fito daga sakandaren da ake yaba wa yaro idan ya zuba abin da ke cikin littafi kalma da kalma. A wurin irin wannan yaro kwafa ita ce ƙwazo. Saboda haka ka taƙaita maraba a minti biyu: ka gabatar da kanka, da jami'in jarrabawa, da malamin da ke kula da ajinsu, ka faɗi inda ofishin kowa yake. Sauran lokacin ka nuna musu iyakar da idonsu.

Ƙa'idar ɗaya ce, kuma ka faɗe ta a jimla guda: duk abin da ka rubuta sunanka da lambarka a kai, ka shaida cewa aikinka ne, sai wurin da ka nuna na wani ne. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta a gabansu. Ɗalibin da ya yi makarantar zaure ya san ba a karɓar hadisi sai an san wanda ya ruwaito shi. Ka tuna musu wannan a taƙaice, sannan ka shiga misali.

Ga wanda za ka iya amfani da shi, ko ka sauya shi da na fanninku. A ce an ba aji jinga mai maki goma a kan talaucin manoma a ƙasar Hausa. Akwai littafin Polly Hill, Rural Hausa, na shekarar 1972, wanda ta gina a kan binciken da ta yi a Ɓatagarawa, nan kusa da ku. Cikin abin da ta nuna akwai cewa manoman ƙauye ba ɗaya suke ba: mai hali yana adana hatsinsa har ya yi tsada, mara hali kuwa rumbunsa kan ƙare tun kafin sabon amfani, ya koma ƙwadago a gonar wani a daidai lokacin da tasa gonar ke jiran noma. Ɗalibai huɗu suka sami littafin.

Na farko ya kwafe sakin layi guda yadda yake, bai ambaci kowa ba. Wannan satar fasaha ce ƙarara, kowa a zauren zai yarda.

Na biyu ya fi wayo. Ya ɗauki sakin layin, ya sauya kalma nan, ya juya jimla can, ya bar jerin hujjojin yadda marubuciyar ta tsara su, shi ma bai ambace ta ba. Ka tambayi ɗaliban ko wannan ya yi laifi, za ka ga rabinsu sun ce a'a. Ka gaya musu hukuncinsa ɗaya da na farko, domin tunanin aka ɗauka, kalmomi sutura ce kawai. Haka wanda ya fassara shafin daga Turanci zuwa Hausa ya miƙa da sunansa.

Na uku ya kwafi jimloli biyu, ya sa sunan littafin a jerin manazarta can ƙarshen aiki, amma a cikin rubutun babu alamar zancen wani, babu lambar shafi. Wannan yawanci ba da mugun nufi yake yi ba, sai dai mai karatu ba shi da hanyar gane inda muryar ɗalibi ta tsaya, ta marubuciya ta fara. Gyaransa mai sauƙi ne: kalmomin da aka ɗauko a kewaye su da alamar zancen wani, a bi su da suna da shekara da shafi.

Ta huɗu ta karanta babin, ta rufe littafin, ta rubuta abin da ta fahimta da bakinta, ta sa (Hill, 1972) a ƙarshen jimlar. Sannan ta ƙara nata: a garinsu yanzu bashin kuɗin taki ne ke tilasta wa ƙaramin manomi sayar da masara da kaka, abin da ta gani a gidansu. Ita ce ta yi aikin jami'a. Abin da ya kamata yara su gane a nan shi ne ambaton madogara ba ya rage maki. Da yawa suna ɓoye inda suka samo abu ne don suna zaton malam zai ce ba su yi komai ba, alhali malam yana neman shaidar sun yi karatu.

Idan lokaci ya bari, ka ƙara na biyar, wanda bai taɓa ganin littafin ba, a kundin wani tsohon ɗalibi ya tsinci sunan Hill ya ɗora. Gaskiyar magana ita ce ya rubuta cewa wane ne ya ruwaito daga Hill. In bai yi haka ba, duk kuskuren da mai kundin ya yi ya zama nasa.

Kada ka ɓoye musu yadda ake ganewa. Malamin da ya duba gwajin da ɗalibi ya rubuta a aji ya san ƙarfin Turancinsa, don haka idan sakin layi na uku ya zo da harshen farfesa a tsakiyar rubutun da ke tuntuɓe, sai ido ya tsaya. Ana ganewa idan mutum bakwai suka yi kuskuren rubuta suna iri ɗaya, ko aka ambaci jadawalin da babu shi a cikin aikin. Manhajoji irin su Turnitin suna nuna inda rubutu ya yi kama da wani, amma kason da suke bayarwa ba hukunci ba ne: zancen da aka ambata bisa ƙa'ida ma yana iya fitowa da launi, fassararriyar sata kuma ta wuce. Gwajin da ya fi kowanne shi ne a kira ɗalibi ofis a ce ya bayyana shafi na biyu da baki.

Batu na biyu shi ne taimakon aboki, kuma nan ne ya fi wuya a wurin yaranmu, domin an tarbiyyantar da su cewa hana ɗan'uwa rowa ce. Ka shata musu layi a fili. Ku zauna ku tattauna tambaya, ku yi musu, wanda ya gane ya koya wa wanda bai gane ba, duk wannan halal ne. Amma idan aka zo rubutu kowa ya koma shi kaɗai. Da zarar ka tura wa aboki aikinka ta waya, ko ka sa masa hannu a takardar halartar lakca, ko ka bar shi ya kwafi sakamakon gwajinka, kun zama biyu a laifin, kuma kwamiti ba ya cika bambance mai bayarwa da mai karɓa. Masu shiga ɗakin gwaji kuma ka ce musu su rubuta adadin da ma'auni ya nuna, ko da ya saɓa wa na littafi, su bayyana abin da suke zaton ya jawo saɓanin. Sakamako mara kyau da bayani mai kyau yana da maki. Lambar da aka gyara don ta yi daidai ƙarya ce.

Batu na uku lissafi ne, ka yi shi a allo. Yawancin masu satar amsa tsoron faɗuwa ne ke tura su, to ka nuna musu girman abin da suke tsoro. A tsarin maki biyar, ɗalibin da ya ɗauki kwasa-kwasai masu nauyin 18 a zango, ya sami B a duka, yana da 72, a raba da 18, ya tashi da 4.00. Idan ya faɗi kwas ɗaya mai nauyin 3, ya rage 60, a raba da 18, ya tashi da 3.33. Akwai zafi, amma baɗi zai sake kwas ɗin, kuma yana da shekaru a gaba da zai farfaɗo. Wanda aka kama da takarda ko waya kuwa, mai sa ido zai cike fom, a haɗa da abin da aka kama, ya rubuta bayaninsa, ya gurfana gaban kwamiti, majalisar jami'a ta yanke hukunci, ko dakatarwa ko kora. Shiga jarrabawa a madadin wani ya ma wuce nan, domin dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta sa shi cikin laifuffukan da ake ɗaure mutum a kansu. Kafin ka hau mumbari ka buɗe littafin dokokin ɗalibai na jami'arku, ka karanto musu hukuncin yadda yake a rubuce, domin kowace jami'a da nata jadawalin.

Minti biyun ƙarshe ka juya maganar kanku, ku malamai. Yaro ba zai ɗauki wa'azin gaskiya da muhimmanci ba idan ya ji daga 'yan aji uku cewa sai an sayi takardun malam ake cin gwaji. Ka ce musu a gaban abokan aikinka: a wannan sashe ba a sayen maki da kuɗi ko da wani abu, ba a tilasta sayen littafin kowa, za a kafe makin gwaji kafin jarrabawa, wanda bai yarda da sakamakonsa ba ga hanyar neman a sake dubawa. Ka faɗi wurin da za a kai ƙara, ka haɗa da sunan malama mace, domin akwai koken da ɗaliba ba za ta iya kai wa namiji ba. Sai dai kada ka yi alkawarin da ba ka fara daidaitawa da malamanka a taron sashe ba, don idan aka karya shi sau ɗaya, duk sauran jawabin ya tafi.

A ƙarshe, Dakta, minti goma ba sa koyar da ambaton madogara. Ka buga misalin ɗaliban nan huɗu a shafi guda a raba a ƙofa, kuma ka roƙi duk malamin da ke koyar da aji ɗaya ya mayar da jingar farko da gyara a rubuce, ya ba wanda ya yi irin kuskuren ɗalibi na uku damar sake miƙawa. Daga jinga ta biyu, babu wanda zai ce ba a gaya masa ba, sai a bi doka. Allah ya ba da sa'a.