Idan Na'ura Ta Kayar da Kai Jarrabawa, Wa Za Ka Kai Ƙara?

'Yan'uwa ɗalibai, a ce hukumar jarrabawa ta sayo manhaja mai ƙirƙirarriyar basira domin ta riƙa duba insha'i tana ba da maki. Sakamako ya fito, ka ga an ba ka 38 alhali kana tsammanin 60. Me zai kare ka? Amsar ta danganta da hanyar da gwamnati ta zaɓa cikin hanyoyi biyu.

Hanya ta farko ita ce doka mai bin girman haɗari. Tarayyar Turai ce ta yi fice a kanta, da dokarta da ta fara aiki a watan Agustan 2024. Ta kasa manhajoji mataki huɗu. Akwai waɗanda aka haramta, kamar mai karanta fuskar ɗalibi a aji don gane ko yana cikin fushi ko gajiya. Akwai masu babban haɗari, kuma a nan aka sa masu ba da maki da masu tantance shiga makaranta. Akwai waɗanda sharaɗinsu shi ne a sanar da mutum cewa da na'ura yake magana. Sauran, kamar masu tace saƙonnin banza, an bar su sakayau. Manhaja mai babban haɗari dole a gwada ta kafin a sayar, a adana bayanin yadda ta yi aiki, kuma a sa mutum mai ikon soke hukuncinta. Tarar aikata abin da aka haramta tana iya kaiwa yuro miliyan 35, ko kashi 7 cikin ɗari na cinikin kamfani na shekara.

Hanya ta biyu ita ce ƙa'idojin ganin dama, irin waɗanda Singafo ta fitar a 2019. Gwamnati takan rubuta shawarwari, kamfani ya bi idan ya so. Ba su da tsada, kuma ana iya sabunta su da sauri. Sai dai wanda ya ƙi bi, babu tara a kansa.

Mu koma ga manhajar insha'inmu. Ta yaya za a gane tana zalunci? A ɗauki takardu 1,000 da ƙwararrun malamai suka riga suka duba, 500 na makarantun birni, 500 na karkara, a ba ta. Idan makinta ya yi daidai da na malamai a takardun birni, amma a na karkara kullum tana rage maki takwas ko goma, to da rubutun 'yan birni aka koyar da ita. A ƙarƙashin doka, irin wannan gwaji wajibi ne. A ƙarƙashin ganin dama, mai sayarwa yana iya tsallake shi, sai yara sun faɗi kafin a farga.

To me ya hana kowace ƙasa kwafo dokar Turai? Ƙasa mai matsakaicin arziki, irin su Birazil da Indiya da Nijeriya, tana da abubuwa uku da za ta auna.

Na farko, wa zai yi binciken? Gwajin da muka bayyana yana buƙatar masana lissafi da na kwamfuta, kuma kamfanoni sun fi gwamnati biyansu albashi. Dokar da babu mai tabbatar da ita kyanwar Lami ce, har ma tana sa jama'a su saki jiki suna zaton an kare su.

Na biyu, wa zai ɗauki nauyin kuɗin? Babban kamfanin waje yana da lauyoyin da za su cika kowace takarda. Matasa uku da suka haɗa manhajar karanta Hausa ba su da su. Doka mai nauyi tana iya kashe na gida ta bar baƙo.

Na uku, wace doka ce riga a ƙasa? Nijeriya tana da dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta taɓa hukuncin da na'ura ke yankewa ita kaɗai. Wani lokaci ƙarfafa tsohuwar hukuma ya fi kafa sabuwa.

Shi ya sa zaɓin ƙasashen ya bambanta. Majalisar Dattawan Birazil ta amince da ƙudurin doka mai bin girman haɗari a Disambar 2024, Indiya kuwa ta fitar da ƙa'idoji a Nuwambar 2025 ba tare da sabuwar doka ba.

A ganinmu, ma'aunin shi ne: idan kuskure ya faru, ana iya gyara shi? Manhajar da ta zaɓo maka waƙar da ba ka so, sai ka sauya. Wadda ta kayar da kai jarrabawa kuwa ta cinye maka shekara guda. Saboda haka a ɗaure wurare kaɗan da doka, kamar maki da ɗaukar aiki da rance da asibiti, a kuma ba kowa damar neman mutum ya sake duba hukuncin. Sauran a bar su ga ƙa'idoji har a samu isassun masu bincike.