Zazzaɓi da sandarewar jiki ga mai shan haloferidol

Mai jinyar mara lafiyar sikizofireniya da aka ɗora kan haloferidol ko kulofuromazin ya san rawar hannu, ƙagewar wuya da kasa zama wuri ɗaya. Waɗannan suna da wahala, amma likita na sauƙaƙa su da rage magani ko ƙara atan. Abin da ba ya jira shi ne zazzaɓi mai zafi, sama da digiri 38, tare da sandarewar jiki duka, gumi, bugun zuciya da sauri da ruɗewa, galibi cikin makonni biyun farko na fara magani ko ƙara yawansa. Naman jiki ke lalacewa, fitsari ya yi duhu, ƙoda ta iya tsayawa.

Wani zai ce a ƙasarmu zazzaɓi ai maleriya ce. Sau da yawa haka ne, kuma sanƙarau ma yana sandarar da wuya. To amma dukkansu na asibiti ne, kuma jinkirta ƙwaya ɗaya bai kai haɗarin mutuwar ƙoda ba. Kada a ba mara lafiyar ƙwaya ta gaba, kada a ɗaure shi. A sanyaya jikinsa da ruwa, a garzaya asibiti da kwalin maganin, a faɗa wa likita ranar allurarsa ta ƙarshe idan ana yi masa allurar maganin.