Ƙunshin nikotin, sigari da taba gari: wanne ya fi shiga jini?

Duk wanda ya ci kasuwar Dogondutsi ko ta Tibiri ya san ana haɗa taba gari da kanwa kafin a sa ta a baki. Ba don ɗanɗano kaɗai ake yin haka ba. Nikotin, wato sinadarin da ke sa mutum ya kasa barin taba, ba ya ratsa fatar baki sosai sai an kashe tsamin da ke wurin. Wannan shi ne aikin kanwa.

Da wannan dabara ake yin wani sabon abu da ya bazu a Turai da Amurka, wanda ƴan ci-ranimmu ke iya gamuwa da shi. Ɗan farin ƙunshi ne da ake sawa tsakanin leɓen sama da dasashi. Babu ganyen taba a ciki, sai garin nikotin da kayan ƙamshi da wani gishiri dangin kanwa. A jikin gwangwaninsa akan rubuta lamba, misali 6 mg, wato miligiram 6.

Mu duba wannan lamba da kyau. Karan sigari ɗaya yana ɗauke da wajen miligiram 10 zuwa 12, amma 1 zuwa 2 ne kawai ke shiga jini, domin saura yana ƙonewa ko ya bi iska. Wanda ya shiga ɗin kuwa ta huhu yake bi, ya kai ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 20. Ƙunshin ba ya da wannan sauri. Idan mai miligiram 6 ya yi awa ɗaya a baki, wajen rabi ne ke fita, wato kamar miligiram 3. Wani kashi yana bin yawu zuwa ciki, hanta ta lalata mafi yawansa, saura kuma ya ratsa dasashi a hankali. A ƙarshe abin da ya taru a jini yana iya kai wa na karan sigari. A shekarar 2022 hukumar binciken haɗurra ta Jamus ta gano cewa mai miligiram 30 ya zarce sigari.

Tabar da ake sawa a baki tafiyarta ɗaya da ƙunshin, sai dai babu mai sanin awonta, tunda kowane mai daka da yawan kanwarsa. Ta shaƙa kuwa ta fi su sauri.

Jinkirin nan shi ke yaudarar mashayin sigari. Ya sa ƙunshi, ya ji shiru, sai ya ƙara na biyu. Can bayan rabin awa ga shaƙuwa, ga jiri da tashin zuciya da gumi, zuciya na bugawa da sauri. Wanda ya ji haka ya cire shi nan take, ya kurkure baki.

Gaskiya ne babu hayaƙi a ciki, saboda haka huhu ya huta da kwalta, amma kamun nikotin yana nan daram, kuma yana cutar da jaririn da ke cikin mahaifa. Ƙamshinsa kamar na alewa ne. Idan yaro ya tauna ko ya haɗiye shi, a garzaya da shi asibiti tare da gwangwanin, kada a tsaya jiran alama.