Daga hancin raƙumi zuwa huhun mutum: darasi kan cutar MERS



Duk lokacin da alhazan gida suka sauka wurinmu a Utaibiyya, ba na rasa mai roƙona in kai shi bayan gari ya sha nonon taguwa da ɗuminsa. Nakan hana, ga kuma dalilina.

A watan Nuwamba na 2013, wani magidanci mai raƙuma tara ya rasu a asibiti a Jidda. Kafin ya kwanta, wasu daga cikin raƙumansa sun yi mura, shi kuma ya shafa wa ɗaya magani a hanci da hannunsa. Bayan mako guda zazzaɓi da tari suka kama shi, sannan numfashi ya gagara. Da masana suka gwada ƙwayar cutar da ke jikinsa da ta hancin wannan raƙumi, sai suka tarar iri ɗaya ce. Ita ce MERS, wadda aka fara ganowa a Jidda a 2012. Danginta na kusa suna jikin jemagu, amma raƙumi ne ke miƙo ta ga mutum.

Ƙwayar bairos ba ta shiga jiki sai ta sami ƙofar da mabuɗinta ya dace da ita. Ƙofar da MERS ke nema tana cikin hancin raƙumi, shi ya sa ba ta wuce masa mura ba, yana ta zubar da ita a majina, musamman ƙananan raƙuma. A jikin mutum kuwa ƙofar tana can cikin huhu. Saboda haka kamuwa tana da wuya, amma idan ta kama takan yi tsanani: kusan ɗaya cikin uku na waɗanda aka tabbatar sun kamu sun rasu, galibi tsofaffi da masu ciwon suga ko na ƙoda.

Inda ta fi yaɗuwa tsakanin mutane shi ne asibiti, idan ba a gane ta da wuri ba. A 2015 matafiyi guda ya kai ta Koriya ta Kudu, mutum 186 suka kamu.

Wani zai ce, ai a Kano ma ana yanka raƙuma. Gaskiya ne, an kuma sami ƙwayar a raƙuman mayankar Kano. Sai dai bincike ya nuna irin na Afirka bai kai na nan ƙarfin kama mutum ba, don haka kada sabon gida ya ruɗe mu.

A tafasa nono, a dafa nama ya nuna, a nisanci raƙumi mai majina. Wanda ya yi zazzaɓi da tari cikin kwana 14 bayan cuɗanya da raƙuma, ya gaya wa likita wannan tun da farko, ko da ya riga ya koma gida.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.